Tsofar da Fuska ko Mayar da Ita Yarinta Daga Hoto Ɗaya: Manhaja ko Hannun Gwani?

Wata Hajiya daga Mabera ta shigo shagona da hantsi, ta kwance bakin gyalenta ta fito da hoton fasfo guda ɗaya da ya sha ninki. Yaro ne ɗan shekara bakwai, kai a aske, da giɓin famfara a gaba, da 'yar tsaga a kumatun hagu. An kai shi karatun allo gabas, malamin ya tashi da almajiransa zuwa wani gari, daga nan labari ya yanke. Shekara 12 ke nan.

Na ce, "Hajiya, mi kike so a yi ma hoton?"

Ta ce, "Ɗana, an ce kuna da na'urar da ka girmar da yaro. So nike in gane shi yadda yaz zama yanzu, mu bada cigiya."

A satin nan kuma wani ɗalibin jami'ar Danfodiyo ya kawo hoton kakarsa na fasfon aikin hajji, tana da kusan shekara 65, yana so ya ga yadda take tana budurwa. Aiki iri ɗaya ne a ido, ɗaya gaba ɗaya baya, amma shawarar da na ba su ta sha bamban. Dalilin bambancin shi ne abin da nake son in warware wa duk wanda ke riƙe da hoto ɗaya yana tunanin inda zai kai shi.

Mutane kan haɗa tambayoyi biyu su mayar da su ɗaya. Ta farko: hoton da ya fito ya yi kama da na mutum na gaske? Ta biyu: ya yi kama da wannan mutumin, yadda yake a wannan shekarun? A yau kusan kowace manhaja tana cin ta farko. Fata za ta fito da ramukan gashinta, furfura sili-sili, har da hasken da ke cikin ƙwayar ido. Ta biyun ce mai wuya, kuma nasarar da aka samu a ta farko ita ke rufe wa mutum ido ya kasa ganin an faɗi a ta biyu. Hausawa sun riga sun gama maganar: kama da wane ba ta wane.

Abin da hoto ɗaya ba ya ɗauke da shi

Fuskar yaro ba ƙaramar fuskar babba ba ce. Ƙoƙon kai yana riga fuska girma. Kafin yaro ya kai shekara shida ko bakwai, kansa ya kusa kai girman da zai tsaya a kai. Abin da ya rage shi ne daga ido zuwa ƙasa. Karan hanci zai tashi, tsakiyar fuska za ta miƙe, haƙoran yarinta 20 za su zube a samu na manya, muƙamuƙi kuma shi ne na ƙarshen gama girma, a wurin namiji har ya kusa shekara ashirin ko ya ɗan wuce. Ga gira da za ta yi kauri, ƙashin goshi ya ɗan turo, wuya ya cika, zakaran wuya ya fito, gashin baki ya tsiro.

To duk waɗannan, a hoton ɗan shekara bakwai ba su wanzu ba tukuna. Ba ɓoye suke a cikin hoton ba, balle a ce wata na'ura mai kaifi za ta tono su. Ko hancinsa zai yi tsawo irin na uban, ko ya baje irin na dangin uwa, hoton bai sani ba. Duk wanda ya zana wannan hanci, mutum ne ko kwamfuta, cike gurbi ya yi da zato. Bambancin hanyoyin da zan kwatanta duk ya tattara ne a kan abu ɗaya: daga ina kowace take samo zatonta.

Babba zuwa tsoho ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, domin ƙashi ya riga ya zauna. Abin da ke canzawa sananne ne: kitsen kumatu ya sauko ƙasa, ƙarƙashin ido ya faɗa, layin da ya taso daga gefen hanci zuwa gefen baki ya zurfafa, kan hanci ya ɗan sunkuyo, ƙasan kunne ya yi tsawo. Amma ko nan akwai abin da rayuwa ce ke rubuta shi. Manomin da ya shekara talatin yana fadama a ranar Sakkwato da ɗan'uwansa ma'aikacin ofis ba za su tsufa iri ɗaya ba, ko da tagwaye ne. Taba, ciwon suga, rama, ƙiba, zubewar haƙori, duk ba a karanta su a hoton ƙuruciya. Haƙori ma kaɗai ya isa: in ya zube, ƙashin da ke riƙe da shi yana janyewa, baki ya shige ciki, haɓa ta matso kusa da hanci, fuska ta gajarce.

Hanya ta farko: manhajar taɓawa ɗaya

Wannan ita ce kowa ya sani, tun lokacin da FaceApp ta cika wayoyi da hotunan tsufa a watan Yulin 2019. Ka ɗora hoto, ka taɓa maɓalli, cikin daƙiƙu kaɗan ka zama dattijo. Irin waɗannan manhajoji sun koyi aikinsu ne daga ɗimbin hotunan mutane daban-daban, matasa a nan, tsofaffi a can. Abin da suka koya shi ne bambancin da ke tsakanin matsakaicin matashi da matsakaicin tsoho, sai su shafa wannan bambanci a fuskarka. Hotunan mutum guda tun yana yaro har ya tsufa, waɗanda su ne za su koyar da yadda mutum ke canzawa a karan kansa, ba su da yawa. Wani tarin hotuna da masu bincike suka daɗe suna gwaji da shi, FG-NET, hoto 1,002 ne kacal na mutum 82.

Ƙarfinta shi ne ba ta cika taɓa ƙashi ba. Tana barin ido inda yake, hanci inda yake, ta yi aiki a kan fata da gashi. Shi ya sa in ka tsofar da ɗan shekara 35 zuwa sittin, abokansa za su gane shi nan take, su yi dariya. Wannan ƙarfin kuma shi ne rauninta a kan yaro: sai ta ba ka fuskar ɗan shekara bakwai da gemu.

Akwai matsalar da ta shafe mu musamman. Yawancin hotunan da aka koyar da su da su na masu farar fata ne, kuma tsufan baƙar fata dabam yake tafiya. Mu tamoji ba ya saurin fito mana. Tsufanmu ya fi bayyana a faɗawar ƙarƙashin ido, saukowar kumatu, da rarrabewar launi, wani wuri ya yi duhu wani ya yi haske. Manhaja kuwa sai ta yayyafa wa Bahaushe ɗan hamsin ƙananan tamoji a gefen ido da saman leɓe irin na tsohon Bature, ta kuma kwantar masa da furfura mai santsi. Wani lokaci har launin fatar takan ɗaga. Wannan ba sabon abu ba ne: a 2017 kamfanin FaceApp ya nemi afuwa a fili saboda wani maɓallinsa na ƙawata fuska yana haskaka fatar baƙaƙe, ya kuma ɗora laifin a kan hotunan da aka yi koyarwar da su.

Hanya ta biyu: manhajar da ke zana sabon hoto

Waɗannan su ne na baya-bayan nan, masu aiki da ƙirƙirarriyar basira, inda za ka ɗora hoto ka rubuta bayanin abin da kake so: shekaru kaza, jallabiya, hula, gemu kaɗan. Ba gyara hotonka suke yi ba, sabo suke zanawa suna waiwayen naka. Don haka ba sa jin tsoron ƙashi. Suna tsawaita fuska, su faɗaɗa muƙamuƙi, su ba ka saurayi cikakke wanda ba ka ganin alamar gyara a jikinsa. Wajen gamsar da ido babu wadda ta kama ƙafarsu.

Amma tun da sabo ake zanawa, mutumin yakan zame daga hannu ba ka lura ba. Kunne ya canza siffa, tazarar ido ta ragu, wushirya ta toshe, leɓe ya yi siriri. Kuma suna da son kyau: fuskar da ta ɗan karkace sai su daidaita ta, alhali wannan 'yar karkatar ita ce abin da uwa ke gane ɗanta da shi. Tsaga kuwa, ko ta Gobirawa ce, ko bille, ko 'yar ƙaramar da wanzami ya yi don magani, sukan ɗauke ta a matsayin dattin hoto su share, ko su mayar da ita layin tsufa. Tabon sallah a goshi ma haka yake sha.

Hanya mafi sauƙi ta kama su ita ce ka maimaita. Hoto ɗaya, bayani ɗaya, sau biyar. Ka jera sakamakon. Duk abin da ya canza daga wannan zuwa wancan, to zato ne, ba daga hotonka ya fito ba. Sau da yawa za ka ga samari biyar da za su iya zama 'yan unguwa ɗaya, amma ba mutum ɗaya ba.

Hanya ta uku: hannu da hotunan dangi

Wannan ita ce hanyar masu zanen binciken laifi, kuma gaskiyarta ita ce ba ta yarda da sharaɗin hoto ɗaya. Abu na farko da mai wannan aiki zai tambaya shi ne hotunan uwa, uba da 'yan'uwa, musamman waɗanda aka ɗauka suna daidai shekarun da ake son a kai yaron. Haka cibiyar neman yaran da suka ɓata ta Amurka, NCMEC, take aiki, kuma takan sabunta hoton duk shekara biyu har yaron ya kai 18, daga nan sai duk shekara biyar. Zato ne shi ma, amma zaton da aka ɗebo daga cikin gida, ba daga fuskokin baƙi ba.

Tana cin lokaci, tana cin kuɗi fiye da sauran, kuma kyanta ya dogara da idon mai yi. Gwanaye biyu za su iya karɓar hotuna iri ɗaya su fitar da samari biyu mabambanta. Sau da yawa ma sakamakonta bai kai na manhaja sheƙi ba. Abin da take da shi wanda sauran ba su da shi: mai yin ya san wane yanki ne ya ɗauko daga hoto, wane ne ya aro, wane ne ya ƙaga, kuma zai iya gaya maka.

Yadda muka gwada su a kan aikin Hajiya

Na roƙi Hajiya ta koma gida ta tattaro duk hoton da ke akwai. Washegari ta dawo da babban ɗanta, wan yaron, mai shekara 22, uwa ɗaya uba ɗaya. Aka yi sa'a yana da hotonsa na firamare yana wajen shekara takwas, da wani da ya ɗauka yana 19. Akwai kuma hoton marigayi mahaifinsu na ƙuruciya.

Kafin komai sai da na gyara shigar hoton. Hoton fasfo milimita 35 ne a faɗi, 45 a tsawo. In ka sa shi a sikana a kan 600 dpi za ka samu wajen fiksel 827 a faɗi, 1,063 a tsawo, wanda ya isa aiki. In ka ɗauke shi da waya a ƙarƙashin fitila, ka tura ta WhatsApp a matsayin hoto, za a matse shi, ƙananan alamomi su narke. In dole sai an tura, a tura shi ta Document. Kuma ban bari wata manhajar ƙara wa hoto kaifi ta taɓa shi ba, domin ita ma ƙaga ido da haƙori take yi inda hoto ya dushe. In ka fara da ita, ka gina zato a kan zato.

Sai na yi abin da nake ba kowa shawara ya yi kafin ya yarda da kowace hanya: na gwada ta a kan wanda muka san amsarsa. Na ɗauki hoton wan na firamare, na kai shi shekara 19 ta hanya ta farko da ta biyu, na ajiye su kusa da hotonsa na gaske.

Ta farko ta ba da yaro mai gashin baki, fuska a zagaye kamar yadda take, alhali shi na gaske fuskarsa ta miƙe, haɓarsa ta yi tsini. Ta biyu, cikin hotuna biyar, ɗaya ya ɗan doso shi, biyu sun ba shi faffaɗan muƙamuƙi irin na 'yan dambe, duka biyar kuma sun siranta masa hanci. Na kira maƙwabcina tela, wanda bai san su ba, na nuna masa biyar ɗin da saurayin a tsaye a gabansa, na ce ya zaɓi nasa. Ya duba ya duba, ya ce, "Duk dai sun yi kama da shi, kuma duk ba shi ba na." Abin da ya fi ba ni tunani shi ne, da na nuna masa hoton firamaren tsurarsa, sai ya ce ai ga idon nan, ga kunnen nan, shi ne.

Daga nan na zauna aikin hannu a Photoshop. Na daidaita hoton yaron yadda ƙwayoyin idonsa biyu suka hau layi ɗaya, na ɗora hoton wan na shekara 19 a kansa, na daidaita su ta ido, domin yankin ido ne ya fi kowane yanki tsayawa yadda yake. Da na rage Opacity, wato kaurin hoton da ke sama, zuwa rabi sai na ga inda fuskokin suka rabu: daga hanci zuwa ƙasa. Na kwatanta hotunan yarintar su biyun don in san inda suka yi kama tun asali. Bakinsu da haɓarsu iri ɗaya ne, don haka na ari muƙamuƙin wan ba tare da fargaba ba. Hancinsu kuwa ya bambanta, na ƙanen ya fi faɗi a gindi. Na tambayi Hajiya.

Ta ce, "Hancin babansu na. Shi wanga nawa yab biyo."

Sai na koma hoton mahaifin na ɗauko tsarin hancin daga can. Wannan jumla guda ta Hajiya ta fi duk abin da manhaja za ta iya tsinta a hoton, kuma babu inda za ta same ta.

Ido, gira da kunne na bar wa yaron nasa, na ɗan ƙara wa girar kauri kawai. Kunne yana girma, amma naɗe-naɗensa ba sa canzawa, kuma nasa na dama ya ɗan fi buɗewa, na bar shi haka. Da Liquify, maɓallin da ke jan sassan hoto, na ja ƙasan fuskar kaɗan-kaɗan, na rage cikar kumatu, na cika wuya. Tsagar na mayar da ita da hannu, na ɗan tsawaita ta na rage mata duhu, domin tabo yana miƙewa tare da fata. Bakin na rufe shi: giɓin famfara ya cike tuntuni, kuma ba ni da hanyar sanin yadda sababbin haƙoran suka jeru. Na fitar da guda biyu, ɗaya a rame ɗaya da ɗan jiki, duka da aski mai sauƙi da riga marar ado. Kwana biyu ya ci ni.

Hajiya ta daɗe tana kallo. Ta ce na ramammen ya fi kwanta mata. Na ce mata, "Hajiya, ki riƙe shi a matsayin kamanni, ba a matsayin hotonsa ba." Ta ce, "Awo, na ji."

To wanne ya fi taimakawa a gane mutum?

Labarin da aka fi kafa hujja da shi shi ne na John List, Ba'amurken da ya kashe iyalinsa a 1971 ya ɓace. A 1989 wani mai sassaƙa, Frank Bender, ya ƙera siffar kan List yadda yake zaton ya tsufa, har da irin tabarau ɗin da yake ganin zai sa. Aka nuna a talabijin, ba a yi sati biyu ba aka kama shi. Amma a lura: List yana da shekara 46 lokacin da ya gudu. Babba aka mayar tsoho, ƙashi bai motsa ba, kuma Bender ya yi nazarin halin mutumin da danginsa, bai tsaya ga hoto ba.

A kan yara labarin bai kai haka daɗi ba. A wani bincike da Charman da Carol suka wallafa a 2012, sun gano cewa hoton da aka girmar zai iya rage gane yaron, domin yana ƙara yawan mutanen da za a ce sun yi kama da shi. Gwaje-gwajen James Lampinen na Jami'ar Arkansas da abokan aikinsa su ma ba su nuna cewa hoton da aka girmar ya fi tsohon hoto amfani ba. Wannan ya yi daidai da abin da telan nan ya nuna mini a shago. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: duk zato yana jan fuska zuwa matsakaici, matsakaiciyar fuska kuwa ta kowa ce. A babbar kasuwar Sakkwato kaɗai za ka samu samari da yawa da suka dace da ita.

Amfanin hoton da aka girmar, a ganina, ɗaya ne, kuma ba ƙarami ba ne: yana cire wa mutane hoton ƙaramin yaro daga kai, ya tuna musu cewa saurayi ake nema.

Don haka takardar cigiyar da muka buga, tsohon hoton ne babba a sama, da shekarar da aka ɗauke shi. Na hannun yana ƙasa, ƙarami, an rubuta a jikinsa cewa zane ne na kamanni. A rubuce kuma muka sa abubuwan da shekaru ba sa gogewa: tsaga a kumatun hagu, kunnen dama a buɗe, tabon ƙuna a bayan hannu, sunan unguwa da sunayen da zai iya tunawa. Na kuma ba su shawarar su kai rahoto wurin 'yan sanda da ƙungiyar Red Cross, wadda ke da sashen haɗa iyalan da suka rabu. Na gargaɗe su da abu ɗaya: in wani ya bugo ya ce ya ga mai kama da hoton, ko ya ce shi ne, kada kama ta zama hujja. A duba tabon, a tambaye shi abin da ɗan gidan kaɗai zai sani, in da hali a yi gwajin jini na gado, wato DNA.

Komawa baya: kakar ɗalibin

Mutane suna ɗauka mayar da tsoho yaro ya fi sauƙi, wai gogewa kawai ake yi. Goge tamoji da baƙanta gashi yana mayar da mutum baya shekara goma ko sha biyar ba tare da matsala ba. Daga nan sai a shiga ƙage. Kakar nan ta rasa haƙoran gaba, bakinta ya shige, kuma mayafi ya rufe kunne, gashi da gefen muƙamuƙi. Wato abubuwan da za a riƙe a ce ita ce sun ragu zuwa ido, hanci da tsagar Gobirawa da ta taso daga gefen baki.

Hanya ta farko ta ba da tsohuwa mai santsin fata, baki a shige kamar yadda yake. Ta biyu ta ba da kyakkyawar budurwa mai kwalliyar zamani, gira a zane, tsaga babu. Ɗalibin ya so ta ƙwarai. Na ce ya kai wa ƙanwar kakar, wadda ke raye, ya gani. Ya dawo yana dariya, ya ce tsohuwar ta ce, "Wagga ɗiyar wa ta?"

Abin da muka yi a ƙarshe gauraye ne. Na ɗauki ɗaya daga cikin na manhajar a matsayin gindi, saboda fatarta da haskenta sun fi abin da zan iya yi da hannu, na mayar da idon kakar da hancinta na asali, na zana tsagar daga hoton fasfon, na ari baki daga hoton 'yarta, wato gwaggon ɗalibin. Tsohuwar ta sa aka ƙara wushirya, ta ce da ita aka san yayarta. A nan ban damu ƙwarai ba ko mun dace ko ba mu dace ba, domin ba wanda za a nema da hoton. Na dai rubuta a bayansa cewa zane ne da aka yi daga hoton hajji, da shekarar da aka yi shi, don kada jikokin gaba su ɗauka an taɓa ɗaukar ta haka.

Mayar da babba jariri kuwa wasa ne zalla. Duk abin da ya bambanta fuskarsa ya zo ne bayan wannan lokaci, sai dai a ba ka jaririn kowa da launin fatarsa.

Zaɓin

In raha kake so, ka ga kanka da furfura ka tura wa abokai, hanya ta farko ta ishe ka, kuma tsakanin shekara 25 zuwa 60 ba ta cika kunyata mutum ba. In hoton ado kake so, na bango ko na tunawa da mamaci, hanya ta biyu ta fi kyau, da sharaɗin ka maimaita sau da yawa, ka ba wanda ya san mutumin ya zaɓa, sannan a mayar da tsaga da tabo da hannu. In kuwa mutum ake nema, musamman wanda ya ɓata kafin ya balaga, to hanya ta uku ce kaɗai zan sa hannuna a kai, ita ma a bayan tsohon hoto, ba a gabansa ba. In babu hoton dangi ko ɗaya, gara a buga tsohon hoton da bayanin shekarunsa na yanzu, a haƙura da girmarwar.

Abu biyu kuma da nake yawan faɗa a shago. Yawancin manhajojin nan ba a cikin wayarka suke aikin ba, hoton fita yake zuwa kwamfutocin kamfanin. Kafin ka ɗora fuskar matar wani ko 'yar wani, ka nemi izini, balle a garin da mata da yawa ba sa son hotonsu ya fita gida. Na biyu, hoton da aka tsofar ko aka yarantar ba ya shiga fasfo, katin ɗan ƙasa ko takardar makaranta. Wani dattijo ya taɓa kawo mini hotonsa na shekara ashirin baya, wai in ƙara masa furfura don ya huta da zaman ɗaukar sabo. Na jawo masa kujera, na saki farin ƙyalle a bayansa, na ce, "Baba, ɗaga haɓa kaɗan." Minti biyar muka gama.